Ga tsada, ga kasuwa ta mutu: tambayoyi da amsoshi a kan sitagfileshan

Mece ce sitagfileshan, kuma daga ina kalmar ta fito?

Kalmomin Turanci biyu aka gutsura aka haɗa. Ta farko ita ce sitagneshan, wato tsayawa cik, yadda ruwan kududdufi ke tsayawa ba ya gudu. Ta biyu ita ce infileshan, wadda muke kira hauhawar farashi. Idan aka ce ƙasa ta faɗa cikin sitagfileshan, ana nufin abubuwa uku sun haɗu a kanta lokaci guda: farashin kaya yana ta hawa, abin da ƙasar ke samarwa ya daina ƙaruwa ko ma yana raguwa, kuma mutane suna rasa aikin yi.

Wanda aka fi danganta kalmar da shi ɗan majalisar dokokin Birtaniya ne, Iain Macleod, na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. A watan Nuwamba na 1965 ya tashi a majalisa yana sukar gwamnatin lokacin, ya ce ƙasar ta haɗa sharri biyu a wuri ɗaya, hauhawar farashi da tsayawar tattalin arziki, ya kuma raɗa wa halin wannan suna. A lokacin ba a ɗauki kalmar da wani nauyi ba. Sai bayan shekara takwas, da ta zama halin da Amurka da Birtaniya da sauran ƙasashe masu masana'antu suka tsinci kansu a ciki, sannan ta shiga bakin kowa.

To me ya sa take ɗaure wa mutane kai? Ai tsada tsada ce.

Saboda bayanin da aka fi koya wa mutane a kan hauhawar farashi shi ne: kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, kaya ba su kai yawan kuɗin ba, don haka masu saye suke rububi, farashi ya tashi. Wannan bayani gaskiya ne, amma ka lura da hoton da ke cikinsa. Kasuwa ce mai ci. Mai shago yana sayarwa har kayansa su ƙare, mai masana'anta yana neman ƙarin ma'aikata, leburori suna da wuyar samu. A irin wannan hali tsada tana zuwa ne tare da aiki. Idan kuma kasuwa ta mutu, mutane suka rasa aiki, aljihu ya bushe, hankali zai ce dole farashi ya sauko ko aƙalla ya tsaya, tunda babu mai saye.

Wanda ya riƙe wannan hoto kaɗai, idan aka ce masa ga ƙasa ana sallamar ma'aikata, shaguna ba ciniki, amma farashi yana ƙaruwa da kashi 10 ko 20 cikin 100 a shekara, sai ya tambaya: to wa ke sayen kayan har suke tsada? Amsar ita ce ba sai an yi rububi farashi ke tashi ba. Yana iya tashi saboda kuɗin da ake kashewa wajen samar da kayan ya ƙaru, ko saboda kowa ya riga ya sa a ransa cewa gobe sai ta fi yau tsada.

Abin dariyar shi ne, a wajenmu ruɗanin kusan a juye yake. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Kasuwar Kurmi bai taɓa ɗauka cewa tsada alamar ciniki ba ce. A bakinsa "kaya sun yi tsada" da "babu kasuwa" tare suke fitowa. Abin da ya girgiza masanan Landan da Washington a 1974, shi ya saba gani. Abin da ba lalle ya sani ba shi ne dalilin da ya sa maganin da hukuma ke bayarwa yake ƙara masa ciwo, kuma nan ne kalmar take da amfani.

A ba ni misali da zan iya lissafawa da kaina.

Mu ƙaddara gidan burodi mai ma'aikata goma, yana gasa burodi 1,000 a rana. Kowane ɗaya yana cin masa naira 700, tsakanin fulawa da sukari da man injin da albashi, yana sayar da shi 800. Waɗannan alƙaluma na misali ne kawai.

Hali na farko: an ƙara wa ma'aikatan garin albashi, 'yan kwangila sun samu biya, kuɗi sun shigo gari. Kafin azahar burodi ya ƙare, masu shayi suna rigima a ƙofa. Mai gidan burodi ya mai da farashi 900, ya ƙara gashi zuwa 1,200, ya ɗauki yara biyu. Farashi ya hau, burodi ya ƙaru, aiki ya ƙaru. Wannan ita ce hauhawar farashin da aka sani.

Hali na biyu: ba wanda aka ƙara wa ko sisi, amma man dizal ya ninka, fulawa ta tashi. Yanzu burodi ɗaya yana cin masa 950. Ba yadda zai yi ya sayar 800, sai ya mai da shi 1,000, ribarsa ta ragu daga 100 zuwa 50. Mai gidan da ya saba sayen biyu ya koma sayen ɗaya, wasu suka koma koko da ƙosai. Ciniki ya sauko zuwa 750 a rana. Ba ya buƙatar mutum goma kuma, sai ya sallami uku. Farashi ya hau da kashi 25 cikin 100, burodin da ake gasawa ya ragu da kashi 25, mutum uku sun koma gida.

A hali na farko da na biyu duka, wanda ya zo saye zai ce burodi ya yi tsada. Daga bakin kanta ba za ka bambance su ba. Sai ka leƙa ciki ka ga ko tanda na aiki dare da rana, ko rabinta a kashe take. Idan abin da ya tashi ba fulawa kaɗai ba ne, abu ne da kowace sana'a ke dogara da shi, kamar mai ko kuɗin waje, to hali na biyu zai faɗa wa dubban wurare a lokaci guda. Su kuma mutum ukun da aka sallama sun rage sayayya a wajen wasu, abin ya ci gaba da yaɗuwa.

An ce masana ma sun ruɗe. Ta yaya masana za su kasa ganin abu mai sauƙi haka?

Akwai dalili. A 1958 wani masani ɗan New Zealand mai koyarwa a Landan, A. W. Phillips, ya tattara alƙaluman albashi da na rashin aikin yi a Birtaniya daga 1861 zuwa 1957. Ya ga cewa a shekarun da marasa aiki suka yi kaɗan, albashi kan tashi da sauri, a shekarun da suka yi yawa kuma albashi kan yi tafiyar hawainiya. Kusan shekara ɗari na shaida ba abin wasa ba ne. Wasu masana a Amurka suka ɗauki wannan suka auna shi da farashin kaya, kuma a cikin shekarun 1960 alƙaluman Amurka sun yi ta bin wannan layi kamar an zana musu.

Daga nan gwamnatoci suka fara kallon abin kamar sikeli mai hannu biyu. Kana son rage rashin aikin yi? Saki kuɗi, ka haƙura da ɗan hauhawar farashi. Farashi ya dame ka? Tsuke kuɗi, ka haƙura da ɗan rashin aiki. A kan sikeli, idan hannu ɗaya ya hau dole ɗayan ya sauka. Ba a tanadi ranar da duka biyun za su hau tare ba.

Ba kowa ne ya yarda ba. Milton Friedman, a wani jawabi da ya yi a ƙarshen 1967, da Edmund Phelps a daidai wannan lokaci, sun ce wannan ciniki na ɗan lokaci ne. Hujjarsu mai sauƙi ce: ma'aikaci ba wawa ba ne. Idan an ƙara masa kashi 5 na albashi ya yi murna, sannan ya ga kaya ma sun tashi da kashi 5, baɗi ba zai yarda da 5 ba, zai nemi 8 ko 10. Mai kamfani ma zai sa wannan a lissafin farashinsa tun kafin shekara ta kama. Da zarar kowa ya saba, hauhawar farashin ba ta ƙara samar da aiki ko ɗaya, sai dai ta zauna daram. Sun faɗi haka tun kafin abin ya faru, shi ya sa sunansu ya ɗaukaka da ya faru.

Me ya faru a 1973 takamaimai?

Ranar 6 ga Oktoba 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙowa, suka kuma hana sayar wa Amurka da Holan da wasu ƙasashe saboda goyon bayan Isra'ila. Takunkumin da aka sa wa Amurka ya kai watan Maris na 1974. A cikin 'yan watannin nan gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Ninki huɗu, a kan abin da ke tuƙa mota da jirgi, yake ɗumama gidaje, ake yin taki da roba da shi.

A Amurka aka yi dogayen layuka a gidajen mai, wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota, mai ƙarewa da mara yau, mai ƙarewa da cika gobe. A 1974 farashi ya hau da kusan kashi 11 cikin 100. Tattalin arziki ya yi ta ja da baya daga ƙarshen 1973 har zuwa Maris 1975, kuma a watan Mayu na 1975 rashin aikin yi ya kai kashi 9, wanda ba a ga irinsa ba tun bayan yaƙin duniya na biyu.

Birtaniya ta fi shan wuya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: rikicin masu haƙar kwal ya haɗu da tsadar mai, har a farkon 1974 gwamnati ta taƙaita wutar da ake ba masana'antu zuwa kwana uku a mako. A 1975 hauhawar farashi ta kai wajen kashi 24 a shekara, marasa aiki suka haura miliyan ɗaya, kuma a 1976 ƙasar ta je neman bashi a Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Ke nan mai ne ya jawo komai?

A'a, kuma wannan ce tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta. Mai shi ne ashana, amma ciyawar ta daɗe da bushewa.

Dubi Amurka. A 1965 hauhawar farashi ba ta kai kashi 2 ba. Kafin 1970 ta haura 5, saboda gwamnati tana kashe kuɗi a yaƙin Vietnam da shirye-shiryen jin daɗin jama'a ba tare da ƙara haraji yadda ya dace ba, babban banki kuma yana sakin kuɗi. A Agusta 1971 Shugaba Nixon ya daina musanya dala da zinari, ya kuma daskarar da albashi da farashi na kwana 90. Shugaban babban bankin lokacin, Arthur Burns, ya bar kuɗin ruwa ƙasa-ƙasa gab da zaɓen 1972, kuma an san Nixon ya matsa masa lamba a kan haka. Ga kuma abinci, wanda ya yi tashin gwauron zabi a 1973 bayan Tarayyar Sobiyat ta sayi hatsi mai ɗimbin yawa daga Amurka. Duk wannan kafin a harba harsashi ɗaya a yaƙin Oktoba.

Tashin farashin mai shi kaɗai, in da ba a biye masa ba, tashi ɗaya zai jawo: kaya su yi tsada bana, ƙasa ta ɗan talauce, baɗi farashi ya tsaya a sabon matsayinsa. Abin da ke mai da shi ciwon shekara goma shi ne yadda kowa ke ƙoƙarin tura asarar kan wani. Ma'aikata su nemi ƙarin albashi, kamfani ya ƙara farashi don ya biya, ma'aikata su sake nema, babban banki kuma ya ci gaba da samar da kuɗin da ke ba wannan zagaye damar juyawa, don tsoron kada rashin aiki ya ƙaru. A Birtaniya har doka ta taimaka: a ƙarshen 1973 gwamnatin Edward Heath ta amince cewa idan farashi ya haura kashi 7, albashi zai riƙa ƙaruwa da kansa. An tsara haka ne da zaton farashin ba zai kai can ba, sai mai ya ninka huɗu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce kwatanci. Jamus ta Yamma ma tana shigo da mai daga waje, a kan farashi ɗaya da kowa, amma babban bankinta ya tsuke kuɗi tun 1973, hauhawar farashinta ba ta wuce wajen kashi 7 ba. Japan kuwa ta ba da darasi sau biyu. A 1974 an ƙara wa ma'aikatanta albashi sama da kashi 30, farashi ya hau da fiye da kashi 20. Da mai ya sake tashi bayan juyin juya halin Iran na 1979, ƙungiyoyin ƙwadago da babban banki suka kama kansu, hauhawar ta tsaya wajen kashi 8. Ƙasa ɗaya, tsadar mai iri ɗaya, sakamako daban.

Me ya sa ake cewa ba ta da magani?

Tana da magani, sai dai maganin ciwo ɗaya guba ne ga ɗayan. Idan kasuwa ce kawai ta mutu, babban banki kan rage kuɗin ruwa, gwamnati ta ƙara kashe kuɗi, ciniki ya farfaɗo. Idan farashi ne kawai ke hawa, sai a yi akasin haka. Idan sun haɗu, gaba kura ce baya sayaki.

Koma gidan burodin nan. A saki kuɗi: mutane za su iya biyan 1,000, amma dizal bai ƙaru ba, fulawa ba ta ƙaru ba, don haka yawancin kuɗin da aka saki, farashi za su ƙara turawa sama. A tsuke kuɗi: bashin da mai gidan burodi ke ci don sayen fulawa ya ƙara tsada, masu saye sun ƙara raguwa, ma'aikata bakwai ɗin su koma biyar. Babban banki ba ya haƙo mai, ba ya noma alkama. Ikonsa a kan masu saye yake kawai.

Abin da Amurka da Birtaniya suka yi a shekarun 1970 shi ne kai-komo tsakanin biyun. A tsuke har rashin aiki ya fara tada hankalin 'yan siyasa, sai a saki kafin farashi ya kwanta. A 1975 kuɗin ruwan babban bankin Amurka yana wajen kashi 6, farashi yana hawa da kashi 9. Wanda ya ci bashi a haka riba ya ci, wanda ya yi ajiya kuma asara.

Me ya hana gwamnati ta ƙayyade farashi kawai?

An gwada. Matakin Nixon na 1971 ya samu karɓuwa sosai da farko, farashi ya lafa na ɗan lokaci. Amma a 1973, da aka sake daskarar da farashi alhali abincin dabbobi yana tsada, masu kiwon kaji suka ga kowane ɗan tsako asara ne, har aka nuna wasu a talabijin suna nutsar da 'yan tsaki a ruwa. Nama ya yi wuyar samu a kantuna. Da aka ɗage dokar a 1974, farashin da aka danne ya yi tsalle a lokaci guda, daidai lokacin da tsadar mai ke kan ganiyarta.

To yaya aka fita daga ciki?

Da wahala. Bayan juyin juya halin Iran farashin mai ya sake ninkawa, kuma a Maris 1980 hauhawar farashi a Amurka ta kusa kashi 15. A Agusta 1979 Shugaba Carter ya naɗa Paul Volcker shugaban babban banki. Shi Volcker ya zaɓi ciwo ɗaya ya fuskanta, ya bar ɗayan ya yi yadda zai yi. Ya tsuke kuɗi har kuɗin ruwa ya kai wajen kashi 20. Gine-gine suka tsaya, cinikin motoci ya faɗi. Magina suka riƙa aika masa guntayen katako ta gidan waya, dillalan motoci suna aika makullan motocin da suka kasa sayarwa, manoma suka kewaye ofishinsa da taraktoci. A ƙarshen 1982 rashin aikin yi ya kai kashi 10.8. Amma a 1983 hauhawar farashi ta sauko wajen kashi 3, kuma ba ta sake komawa irin ta da ba har kusan shekara arba'in.

Abin da ya karya a zahiri shi ne zaton mutane. Da ma'aikata da kamfanoni suka gamsu cewa wannan karon ba za a saki kuɗi ba ko da an yi kuka, suka daina sa kashi 10 a lissafin baɗi. Ya kuma samu taimako, domin farashin mai ya fara sauka daga 1981 saboda ƙasashe sun rage amfani da shi, ga man Tekun Arewa da na Alaska ya shigo kasuwa.

Ana yawan ba da wannan labari kamar na jarumta, ana mantawa da waɗanda suka biya kuɗin. Ƙasashe masu bashin dala suka ga kuɗin ruwa ya haɗiye su. Mexico ta ce ba za ta iya biya ba a Agusta 1982. Nijeriya kuwa, wadda tsadar man 1973 ta zame mata garaɓasa, faɗuwar farashinsa ce ta sa gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982.

Ya taɓa faruwa a Nijeriya?

Shekarar 2016 misali ce da ta cika sharuɗɗan. Gangar mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, ga fasa bututu a yankin Neja Delta ya rage abin da ake haƙowa. Dala ta yi ƙaranci. A watan Yuni aka saki naira daga 197, ta wuce 280 a kasuwar hukuma cikin kwana ɗaya. Tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 1.6 a shekarar, hauhawar farashi ta haura kashi 18 a Disamba, rashin aikin yi ya tashi daga wajen kashi 10 zuwa 14.

Abin lura shi ne, a Amurka tsadar mai ce ta kawo ciwon, a Nijeriya arharsa ce. Amma hanyar ɗaya ce: abin da kowace sana'a ke dogara da shi ya yi tsada. A can mai ne, a nan dala ce, wadda da ita ake shigo da alkama da kayan gyara da magani da tataccen man kansa. Ja-in-jar ma iri ɗaya aka yi. Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 14 a Yuli, ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta nemi a rage don kasuwa ta farfaɗo, bankin bai rage ba. Kowannensu ciwo ɗaya yake kallo.

Duk lokacin da rayuwa ta yi tsada sitagfileshan ke nan?

A'a. Babu wata hukuma da ta sa iyaka ta ce daga kashi kaza ne ake kiranta haka, shi ya sa 'yan siyasa da 'yan jarida ke jefa kalmar yadda suka ga dama. Amma akwai abin dubawa. A Yuni 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1, aka yi ta ambaton shekarun 1970, alhali rashin aikin yi bai kai kashi 4 ba, kamfanoni ma neman ma'aikata suke. Wannan tsada ce mai zafi, amma ƙafa ɗaya ta kalmar babu ita.

A ƙasashenmu awon ya fi wuya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kusa kashi 35, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, amma alƙaluman hukuma sun nuna tattalin arziki yana ƙaruwa da wajen kashi 3. A takarda wannan ba tsayawa ba ce. Sai dai yawan jama'a ma yana ƙaruwa da fiye da kashi 2 a shekara, don haka rabon kowane mutum kusan a tsaye yake. Alƙaluman rashin aikin yi kuma ba sa taimakawa sosai: a 2023 hukumar ƙididdiga ta sauya yadda take ƙirga, adadin ya sauko daga kashi 33 zuwa wajen 4, domin yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. A inda babu alawus na marasa aiki, mutum ba ya zama a gida. Wanda masana'anta ta sallama yakan koma tuƙa Keke Napep ko talla, sai ya ɓace daga lissafi.

Ni da ba masani ba, ta yaya zan gane wace iri ce ke damun kasuwarmu?

Kada ka tsaya a farashi, tambayi yawa. Tambayi dillali buhu nawa yake sayarwa a mako bana, nawa ya sayar bara. Idan kuɗin da ke shiga aljihunsa sun ƙaru amma buhunan sun ragu, alama ce. Duba ko ribar da ke kan kowane kaya tana faɗaɗa ko tana matsewa, domin a tsadar rububi mai sayarwa yana dariya, a ɗayar kuwa shi da mai saye tare suke kuka. Duba abin da ya fara tashi: idan mai da dala da kuɗin mota ne suka ja gaba sauran kaya suka biyo baya, daga wajen samarwa ciwon ya taso.

Sannan ka yi wa albashinka lissafi. Idan an ƙara maka kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 24, raba 110 da 124, za ka samu kusan 0.89. Ma'ana abin da kuɗinka ke saye ya ragu da wajen kashi 11, duk da takardar albashin ta nuna ƙari. Haka za ka yi wa kuɗin ajiya a banki ko na adashi da za ka kwasa bayan wata goma.